Yadda ake bin tsarin lissafi idan baka, fawa da alamar mainos suka haɗu a layi ɗaya

Idan lissafi ya ƙunshi tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa duk a layi guda, ba a karanta shi daga hagu zuwa dama kamar wasiƙa. Akwai abin da ake fara yi, akwai wanda ke jira. Dubi wannan: ka sayi jaka ta naira 500 da littattafai uku, kowanne naira 200. A rubuce, 500 + 3 × 200 ke nan, kuma kowa ya san kuɗin naira 1,100 ne. Wanda ya fara tara 500 da 3 sannan ya ninka da 200 zai samu 100,600, kuɗin da babu mai shagon da zai nema. Ninkawa ta riga tarawa ne saboda 3 × 200 abu ɗaya ne, wato kuɗin littattafai, dole a san shi kafin a haɗa shi da kuɗin jaka.

Wannan kusan kowane ɗalibi ya sani. Inda amsa ke lalacewa shi ne wurin da alamar mainos ta zauna kusa da fawa ko a gaban baka. A nan za mu fi daɗewa.

Kayan aiki

Takarda mai layi, da isasshen fili, domin kowane mataki layinsa daban. Fensir da abin gogewa. Biro mai wani launi, ja ko kore, don yanka lissafin gaɓa-gaɓa. Idan babu, fensirin ma ya isa, sai ka ja layi a ƙarƙashin kowace gaɓa. Kalkuleta irin ta ɗaliban kimiyya, mai maɓallin baka da na fawa, amma aikinta duba amsa ne a ƙarshe. Kafin ka yarda da kowace kalkuleta, ko ta hannu ko ta waya, danna mata wannan:

```
2 + 3 × 4 =
```

Idan ta ba ka 14, ta san tsarin. Idan ta ba ka 20, irin ta 'yan kasuwa ce, wadda ke yin kowane aiki nan take da zarar ka danna alama ta gaba. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta, kuma a mataki na bakwai akwai yadda za ka yi aiki da ita.

Abin da za ka riƙe a ka kaɗan ne. Matakai huɗu ne: abin da ke cikin baka, sai fawa da tushenta, sai ninkawa da rabawa tare, sai tarawa da ɗebewa tare. A makarantunmu ana haddace su da BODMAS. Haddar tana da amfani, sai dai haruffa shida ne, matakan kuwa huɗu, kuma wannan bambancin shi ke jefa mutane cikin kuskure biyu da za mu gani a gaba.

Ga lissafin da za mu bi daga farko har ƙarshe:

20 − 3(4 − 6)² + 18 ÷ (−3) × 2 − (−2)³

Mataki na ɗaya: yanka lissafin gaɓa-gaɓa

Kada ka fara lissafa komai tukuna. Bi layin da ido, duk inda ka ga alamar tarawa ko ta ɗebewa wadda ba a cikin baka take ba, yi ɗan tsayayyen layi da jan biro a gabanta. Alamar tana bin gaɓar da ke damanta. Lissafinmu zai rabu gida huɗu:

20, sai −3(4 − 6)², sai +18 ÷ (−3) × 2, sai −(−2)³.

Lura da cewa mainos ɗin da ke tsakanin 4 da 6 bai yanka komai ba, domin yana cikin baka. Haka ma na −3 da ke bayan alamar rabawa. Dokar da za ka kiyaye daga nan ita ce: babu wata lamba da za ta tsallake jan layi ta haɗu da ta wata gaɓa sai kowace gaɓa ta koma lamba ɗaya tak.

Wannan yankan shi ke hana kuskuren da ya fi kowane yawa. Ido yana ganin 20 − 3 a farkon layi, hannu ya rubuta 17, alhali 3 ɗin nan ba sake take ba, ninka baka take yi. Duk lambar da ta manne wa baka ba tare da wata alama a tsakani ba, ninkawa ake nufi. Wanda ya rubuta 17 zai ƙare da 64, kuma duk sauran aikinsa zai iya zama daidai, amma amsar ta riga ta tafi tun a layin farko.

Mataki na biyu: gama abin da ke cikin baka

Cikin bakan farko akwai 4 − 6, amsarsa −2. Rubuta dukan layin sabo, ka canza wannan kawai:

20 − 3(−2)² + 18 ÷ (−3) × 2 − (−2)³

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne ba a jefar da bakan ba. Mutane da yawa suna ɗauka tun da an gama aikin ciki, bakan ya gama amfaninsa, sai su rubuta 3 − 2² ko 3 × −2². Na farkon ya mayar da ninkawa ɗebewa, na biyun ya raba mainos da fawarsa. Muddin abin da ya fito daga baka lamba ce mai mainos, kuma akwai fawa a kansa ko wata alama a gabansa, bar shi a cikin bakansa.

Sauran bakunan biyu, (−3) da (−2), babu aikin da za a yi a cikinsu. Suna nan ne don su nuna cewa mainos ɗin na lambar ne.

Idan baka yana cikin wani baka, daga na can ciki ake farawa, kuma a cikin kowane baka tsarin nan dai ake bi. Misali 5 − [3 − 2(1 − 4)]. Na ciki ya ba da −3. Yanzu cikin babban bakan akwai 3 − 2(−3), kuma nan ma ba a fara cewa 3 − 2 ba. 2 sau −3 shi ne −6, sai 3 − (−6) ya zama 9. A ƙarshe 5 − 9, wato −4. Siffar baka, ko mai lanƙwasa ko mai kusurwa, ba ta canza komai. Ana bambanta su ne don ido ya gane wanne ya rufe wanne. Idan ka rikice, ƙirga su: yawan waɗanda aka buɗe dole ya yi daidai da yawan waɗanda aka rufe.

Akwai kuma baka da ba a zana shi, amma yana nan. Dogon layin firakshan yana ɗaure duk abin da ke samansa wuri ɗaya, da duk abin da ke ƙasansa wuri ɗaya. Idan 8 + 4 na sama, 2 × 3 na ƙasa, 12 za a raba da 6 a samu 2. Alamar tushe ma haka take: √(9 + 16) shi ne √25, wato 5. Wanda ya ɗauki tushen 9 da na 16 daban-daban zai samu 7. Irin wannan kuskuren ne ke sa a ce (3 + 4)² shi ne 9 + 16. A'a, 7² ne, wato 49. Fawa ba ta rarrabuwa a kan tarawa.

Mataki na uku: fawa, da tambayar wa take riƙe da shi

Fawa tana nufin lamba ta ninka kanta sau kaza: 2³ shi ne 2 × 2 × 2, wato 8. Ba 2 × 3 ba ne. Wannan a bayyane yake, amma da gaggawar jarrabawa hannu kan rubuta 6.

Dokar da ta fi wannan muhimmanci ita ce: fawa tana riƙe da abin da ke manne da ita ta hagu kaɗai. Ɗora yatsa a kan ƙaramar lambar ta sama, ka matsa hagu taki ɗaya. Idan lamba ka tarar, ita kaɗai ce ke ninka kanta. Idan bakin baka ka tarar, duk abin da ke cikin bakan ne, har da mainos ɗinsa. Saboda haka:

(−3)² shi ne (−3) × (−3), wato 9.

−3² shi ne −(3 × 3), wato −9.

Na biyun ne ɗalibai ke gardama a kansa, kuma gardamar tana da dalili, domin an koya musu mainos sau mainos yana ba da fulos. Dokar gaskiya ce, sai dai a −3² mainos ɗaya ne kawai, ba ya cikin abin da ake ninkawa. Hanya mafi sauƙi ta gamsuwa ita ce a duba 10 − 3². Babu mai musun cewa 10 − 9 ne, wato 1. To 1 − 3² fa? −8. Sai 0 − 3², wanda dole ya zama −9. Goge sifilin nan, abin da ya rage a takarda shi ne −3², kuma goge sifili ba ya canza darajar komai. Da a ce −3² zai zama 9, da 10 − 3² ya zama 19, lissafi kuwa ya rushe.

Haka dokar take ga lambar da ke ninka baka. A 3(−2)², fawar tana kan bakan, 3 tana jira a waje. A fara samun (−2)² = 4, daga baya a ninka da 3. Wanda ya fara shigar da 3 cikin baka ya samu −6 sannan ya ɗora fawa zai ga 36 a wurin 12.

Alamar amsa kuwa ƙirga ce kawai. Lamba mai mainos a cikin baka, idan fawarta tana rabuwa biyu daidai, kamar 2, 4, 6, mainos ɗin suna haɗuwa bibbiyu su ɓace, amsar ta zama fulos. Idan fawar mara ce, kamar 3 ko 5, ɗaya zai rage ba abokin haɗi, amsar ta zama mainos. Don haka (−2)⁴ = 16, amma (−2)³ = −8. Layinmu ya koma:

20 − 3(4) + 18 ÷ (−3) × 2 − (−8)

Ga wani tarko a gaɓar ƙarshe. Da ganin −(−2)³, wasu sukan ce mainos biyu sun haɗu, su mayar da shi +2³ tun kafin su taɓa fawar. A wannan lissafin za su tsira, domin amsar 8 ce ta kowace hanya, amma sa'a ce kawai ta fawar mara. Gwada da −(−2)⁴. Hanyar daidai: (−2)⁴ = 16, mainos na waje ya mayar da shi −16. Mai gaggawar haɗa alamomi zai samu +16. Mainos na ciki mallakar fawa ne, ba shi da damar haɗuwa da na waje sai fawar ta gama aikinta.

Abu biyu kuma a taƙaice. Mainos da ke kan fawar kanta ba ya sa amsa ta zama ƙasa da sifili. Juya lambar yake yi. 2⁻³ shi ne 1 bisa 2³, wato 1/8. Ba −8 ba, ba kuma −6 ba. Sannan idan fawa tana kan fawa babu baka, daga sama ake saukowa: 2 mai fawar 3² shi ne 2⁹, wato 512, alhali (2³)² shi ne 64.

Mataki na huɗu: ninkawa da rabawa, daga hagu zuwa dama

Waɗannan biyun matsayinsu ɗaya. Wadda ka fara tararwa daga hagu ita za ka fara yi. A gaɓa ta uku, 18 ÷ (−3) × 2, rabawa ce a gaba: 18 ÷ (−3) = −6, sai −6 × 2 = −12. Wanda ya fara ninka −3 da 2 zai raba 18 da −6 ya samu −3. Dalilin da ya sa hakan kuskure ne: alamar rabawa lambar da ke bin ta kaɗai ta shafa. Da marubucin yana son a raba da duka biyun, da ya sa su cikin baka ɗaya.

Masu bin haruffan BODMAS ɗaya bayan ɗaya sukan ce rabawa ce kullum a gaba. A yawancin lissafi wannan ba ya ɓata amsa, shi ya sa kuskuren fahimtar ke daɗewa ba a gano shi ba. Amma inda rabawa biyu suka jeru, kamar 48 ÷ 4 ÷ 2, haddar ba ta ce komai ba, dokar hagu zuwa dama ce ke ba da 6. Wanda ya fara da na dama zai samu 24.

Don kada alama ta ɓace maka, raba aikin biyu. Fara ƙirga mainos nawa ne a cikin gaɓar, ka rubuta alamar amsa tun kafin lamba. A 18 ÷ (−3) × 2 mainos ɗaya ne, don haka amsar mainos ce. Daga nan ka yi aiki da lambobin zalla: 18 ÷ 3 × 2 = 12. Layin ya zama:

20 − 12 + (−12) − (−8)

Wani abu da ke fitowa a tambayoyin firakshan na makarantun Najeriya shi ne kalmar of, wadda littattafai da yawa ke cewa ita ce O ta BODMAS. Ninkawa ce, amma ana yin ta kafin rabawa. 24 ÷ ½ of 12 yana nufin a raba 24 da rabin 12, wato 24 ÷ 6 = 4. Idan ka mayar da ita alamar × ka bi daga hagu, 576 za ka samu. Da ka gan ta, zagaye ta da lambobinta biyu da baka, ka huta.

Mataki na biyar: gyara alamomin da suka haɗu

Yanzu kowace gaɓa ta koma lamba ɗaya, lokacin haɗa alamomi ya yi. Iri ɗaya idan suka haɗu, fulos ne. Mabambanta, mainos ne. +(−12) ya zama −12, −(−8) ya zama +8.

20 − 12 − 12 + 8

A kula, wannan dokar ta alamomin da ke manne da juna ce, da kuma ninkawa da rabawa. Ba ta shafi −12 − 12 ba. Nan ɗalibi kan ce ga mainos biyu, ya rubuta +24. Ɗauke shi kamar bashi: ana bin ka 12, ka ƙara cin bashin 12, yanzu 24 ake bin ka, wato −24. Shi kuwa −(−8) yafe maka bashin 8 aka yi, ka samu sauƙin 8.

Idan a cikin baka akwai harafi, ba za ka iya gama cikinsa ba, dole ka buɗe shi. To mainos da ke gaban baka yana juya alamar kowace gaɓa ta ciki, ba ta farko kaɗai ba. Gwada da lambobi ka gani: 10 − (4 − 7) shi ne 10 − (−3), wato 13. Idan aka buɗe daidai, 10 − 4 + 7 ne, 13 dai. Wanda ya goge bakan kawai ya bar 10 − 4 − 7 zai samu −1. Haka 5 − 2(x − 3) yake zama 5 − 2x + 6, domin −2 ce ke ninka −3.

Mataki na shida: tarawa da ɗebewa

Su ma matsayinsu ɗaya, daga hagu zuwa dama. 20 − 12 = 8, sai 8 − 12 = −4, sai −4 + 8 = 4. Amsar lissafinmu 4 ce.

Nan ne haddar BODMAS ke yin ɓarna ta gaske. Mai cewa tarawa ta riga ɗebewa zai tara 12 da 8 na ƙarshe ya samu 20, ya ɗebe, ya ƙare da −12. Ya manta cewa 12 ɗin nan mainos take ɗauke da shi. Idan layin ya yi tsawo, akwai hanyar da ta fi aminci: tara masu fulos gefe ɗaya, masu mainos gefe ɗaya, sannan ka ɗebe sau ɗaya. A nan 20 + 8 = 28, 12 + 12 = 24, bambancin 4. Yin duka hanyoyin biyu shi ne duba aiki mafi arha.

Mataki na bakwai: duba da kalkuleta, ba tare da ta yaudare ka ba

A kalkuletar kimiyya, shigar da lissafin yadda yake a takarda, da dukan bakansa. A irin na Casio akwai maɓalli biyu masu kama da juna: na ɗebewa, da wani mai (−) na lamba mai mainos. Ko da wanne ka yi amfani, −3² zai ba ka −9, kuma daidai ta yi. Idan sukwayar −3 kake nema, sai ka sa bakan da hannunka. Bakan ɓoye na firakshan ma kai za ka bayyana shi: wancan 8 + 4 bisa 2 × 3, idan ka danna shi a miƙe babu baka, 14 za ka gani maimakon 2.

Idan ta 'yan kasuwa ce kawai a hannunka, yankan mataki na ɗaya zai cece ka. Lissafa kowace gaɓa ita kaɗai, ka danna M+ idan mai fulos ce, M− idan mai mainos ce, a ƙarshe MR ko MRC ya fito da jimilla. Ka tabbata ka share ma'ajiyar kafin ka fara. Kalkuletar Windows ma, a yanayin Standard, irin ta 'yan kasuwa ce; mayar da ita Scientific.

Masu aiki da Excel su yi hattara, domin a wannan gaɓar ya saɓa wa littafin lissafi. Yana ɗaukar mainos na farkon lamba kafin fawa:

```
=-3^2      9
=0-3^2     -9
=-(3^2)    -9
```

Python kuwa tana bin littafi, `-3**2` yana ba da -9. Saboda haka dabarar da aka kwafo daga takarda zuwa Excel, mai farawa da irin =-A1^2, za ta fito da alamar da ba ita ake nufi ba, kuma babu wani gargaɗi da zai bayyana. Sa baka kawai.

Sai irin 8 ÷ 2(2 + 2) da ake yawo da shi ana musu. Bisa hagu zuwa dama 16 ne. Wasu littattafai da wasu kalkuletoci suna ɗaukar 2(2 + 2) a matsayin abu ɗaya su ba da 1. A ganina laifin na wanda ya rubuta ne, kuma bai cancanci ɓata lokaci ba. Idan kai ne mai rubutawa, yi amfani da layin firakshan ko ƙarin baka yadda ba mai tambayar me kake nufi.

Inda abin ya fi cin maki: sa lamba a madadin harafi

A jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB, ba kasafai kuskuren nan ke zuwa a tambayar tsarin lissafi kai tsaye ba. Yana ɓuya ne a cikin aljabara, lokacin da aka ce x ko b lamba ce mai mainos. Maganinsa ɗaya: duk harafin da za ka maye, fara zana baka a wurinsa, sannan ka sa lambar a ciki. Idan x = −3, x² shi ne (−3)² = 9, −x² shi ne −9, 2x² shi ne 18, (2x)² kuwa 36.

Ɗauki 2x² − 3x − 5 = 0, inda a = 2, b = −3, c = −5. Dabarar warware shi firakshan ce: −b ± √(b² − 4ac) a sama, 2a a ƙasa. Da farko ana buƙatar b² − 4ac. Da baka:

(−3)² − 4(2)(−5)

Gaɓa biyu ce. Ta farko 9. Ta biyu tana da mainos biyu, na gaban 4 da na 5, don haka +40 ce. Jimilla 49, tushenta 7. Sai −b, wanda shi ne −(−3), wato 3. Ƙasan firakshan 2a ne, wato 4. Amsoshin su ne (3 + 7) ÷ 4 = 2.5 da (3 − 7) ÷ 4 = −1. Mayar da −1 cikin tambayar don tabbatarwa: 2(−1)² − 3(−1) − 5 = 2 + 3 − 5 = 0.

Kowane kuskure a nan yana barin sawunsa. Idan ka ga 31 a ƙarƙashin tushe, b ka shigar babu baka, −9 ya shiga wurin 9. Idan ka ga −31, kalkuleta ta nuna Math ERROR, mainos ɗin c ne ya faɗi a hanya. Idan −49 ne, duka biyun ka yi. Idan kuma 49 ɗin ta fito daidai amma amsa ta zama 4.75, saman firakshan ne ba ka sa wa baka ba, kalkuleta ta raba 7 kaɗai da 4. Idan 10 ta fito, ƙasan ne: ka danna ÷ 2 × 2 a miƙe.

Na gwaji

Yi waɗannan a takarda, layi ɗaya aiki ɗaya, kafin ka karanta amsoshin.

12 − 4 + 3

36 ÷ 6 × 3

−5² + (−5)²

7 − 2(3 − 8)

3 − (−2)⁴ ÷ 8

[−4² − 2(5 − 9)] ÷ (1 − 3)³

Na farko 11 ne. Idan 5 ka samu, koma mataki na shida. Na biyu 18. Mai 2 ya fara ninkawa ne. Na uku sifili, domin −25 ne da 25. 50 na nufin ka ba fawa mainos ɗin da ba nata ba. Na huɗu 17. −25 alamar ka tsallake jan layi ka ce 7 − 2, −3 kuwa alamar mainos ɗaya ya ɓace wajen ninkawa. Na biyar 1. Mai 5 ya haɗa alamomi kafin fawa. Na shida 1 ne: cikin babban baka −16 + 8 = −8, na biyun (−2)³ = −8, sai −8 ÷ (−8). Idan −3 ka samu, −4² ka mayar 16.